Mai fiton matattu: me yake karɓa a bakin gaɓa, kuma don me?

A wasu tsoffin kaburbura na ƙasar Girka da daular Rum, masu tonon kayan tarihi sukan tarar da ɗan ƙaramin kwabo a tsakanin haƙoran ƙwarangwal, wani lokaci har tsatsar tagulla ta rine ƙashin muƙamuƙi ya koma kore. Bayanin da aka saba ji shi ne wai kuɗin fito ne. A camfin mutanen wancan zamani akwai kogi tsakanin duniyar masu rai da ta matattu, akwai kuma wani tsoho mai kwalekwale da ake kira Karon, wanda ba ya ɗaukar kowa sai an biya shi. Bayanin ba ƙarya ba ne, amma bai kai ƙarshen zance ba. In aka jera Karon da takwarorinsa na Masar da na tsohuwar Iraƙi, sai a ga shi kaɗai ne yake neman kwabo. Sauran wani abu daban suke tambaya. Abin da kowannensu yake karɓa kuwa yana nuna abin da al'ummarsa ta ɗauka shi ne shaidar cewa mamaci ya cancanci a karɓe shi can.

Kogin ya girmi mai fiton. A waƙoƙin Homar, waɗanda su ne mafi tsufa a adabin Girkawa, ba a ambaci Karon ko sau ɗaya ba. Amma akwai wurin da kurwar Fatirokulas ta zo wa abokinsa Akilis cikin barci, tana ƙorafin cewa sauran matattu sun hana ta tsallake kogi ta shiga cikinsu, saboda har yanzu ba a yi wa gawarsa jana'iza ba. Babu jirgi a nan, babu kuɗi. Sharaɗin ƙetarewa ɗaya ne: masu rai su sauke nauyin da ke kansu. Wannan ne tushen maganar, shi kuwa Karon da kwabonsa daga baya aka ɗora su a kai. Dole ma ya zama haka, domin ba a fara buga kwabo a wannan yanki ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 7 kafin Miladiyya, a ƙasar Lidiya da ke yammacin Turkiyya ta yau.

Sai a ƙarni na 5 kafin Miladiyya Karon ya fito sosai. A birnin Atina akwai wasu fararen kwalaben yumɓu na mai da ake ajiyewa a kabari, kuma a jikinsu aka fi zana shi. Wanda ya zaci zai ga wani dodo mai ban tsoro zai yi mamaki. Lebura ne. Yana sanye da 'yar shara wadda ta bar kafaɗa ɗaya a buɗe, irin ta masu aikin ƙarfi, da hular talakawa, yana riƙe da doguwar sandar tura jirgi, gefe ga ciyayin bakin ruwa. Sau da yawa Hamis, wanda a aƙidarsu shi ke rako rayuka, yana riƙe da hannun wata mata ko wani yaro yana miƙa shi. Karon ba ya yanke wa kowa hukunci, ba ya ɗaukar ran kowa, ba ya tambayar abin da ka aikata a duniya. Aikinsa ɗauko daga wannan gaɓa, sauke a waccan, kuma jirginsa ba ya dawowa da fasinja.

Nawa ne kuɗin? Obol ɗaya. Obol shida ke yin dirakma guda, dirakma kuwa ita ce kimanin ladan yinin ƙwararren ma'aikaci a Atina a ƙarshen wancan ƙarni. Wanda ya zauna zaman shari'a a kotun jama'a obol uku ake ba shi a rana. Ke nan kuɗin fiton kashi ɗaya cikin shida ne na abin da magini zai samu kafin rana ta faɗi. An yanka farashin yadda ba za a ce wani ya rasa shi ba, kuma attajiri ba shi da hanyar ƙarawa don a ba shi wurin zama mai kyau. A ganina wannan ƙanƙantar ita ce rabin ma'anar abin. Da sayen shiga ake yi, da mai hali ya fi kowa. Tunda kowa obol ɗaya ne, sarki da bawa a layi ɗaya suke tsaye.

Sanya shi a baki ma ba wani sirri ne mai zurfi ba, ko da yake an yi ta fassara shi. Tufafin Girkawa ba su da aljihu, kwabon azurfa na obol kuma ƙarami ne ƙwarai, bai kai giram ɗaya ba. Talaka in zai je kasuwa sai ya jefa canjinsa a kunci, kamar yadda tsohuwa take ƙulle 'yan kuɗinta a bakin zane. A wani wasan barkwanci na lokacin har akwai dattijon da abokinsa ya damfara da ɓawon kifi a maimakon canji, ya jefa a baki, sai da ƙarni ya dake shi ya tofar. To wanda ya saba ɗaukar kuɗi a baki yana raye, a nan za a sa masa in ya mutu. Batun ɗora kwabo biyu a kan idanu, wanda mutane da yawa suke dangantawa da Karon a yau, marubutan Girka da Rum ba haka suka faɗa ba. Baki suka ce.

Akwai wasan kwaikwayo guda da ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa aka fara jin farashin ƙarara. Aristofanis ne ya rubuta shi, aka nuna shi a Atina a shekara ta 405 kafin Miladiyya, sunansa Kwaɗi. Diyonisas, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, zai gangara duniyar matattu tare da bawansa, sai aka gaya masa zai iske wani tafki mai faɗi, da tsohon matuƙi a ɗan ƙaramin jirgi, kuɗin fito obol biyu. Me ya sa biyu, alhali kowa ya san ɗaya ne? Wasu sun ce zuwa da dawowa ne, tunda shi mai rai ne. Wasu sun ce zambo ne ga tallafin obol biyu da hukumar birnin take raba wa 'yan ƙasa a waɗannan shekaru na yaƙi, kuma amsar da Diyonisas ya bayar, cewa lallai obol biyu suna da ƙarfi a ko'ina, ta fi karkata ga wannan. A hanya suka gamu da gawa ana ɗauke da ita, suka nemi mamacin ya yi musu dakon kaya tunda hanyarsu ɗaya. Ya ce dirakma biyu, wato obol goma sha biyu. Aka taya tara. Ya ce gara ya sake rayuwa da ya karɓi wannan.

Da suka iso bakin tafki Karon ya ƙi ɗaukar bawan. Ya ce ba ya ɗaukar bawa sai wanda ya yi yaƙin teku, don haka ya zagaya da ƙafa. Masu kallo sun san inda aka dosa. Shekara guda kafin nan, a 406, Atina ta yi yaƙin ruwa a Arginusai, ta kuma 'yanta bayin da suka tuƙa jiragenta. Ta ci yaƙin, amma guguwa ta hana kwamandoji kwaso waɗanda jiragensu suka nutse, masu rai da gawawwaki. Jama'a suka fusata har aka kashe kwamandoji shida da suka ciwo nasara. Mutanen da suke dariya a gidan wasan nan, da yawansu suna da ɗa ko ƙane da ya tafi ƙarƙashin teku babu wanka, babu kabari, babu kwabo. Ga su nan suna kallon mai fito yana zaɓen wanda zai ɗauka.

Bayan ƙarni huɗu, mawaƙin Rum Birjil, wanda ya mutu a shekara ta 19 kafin Miladiyya, ya zana Karon da kamannin da suka fi shahara: ƙazamin tsoho, farin gemu a hargitse, idanu kamar garwashi, tsumma a ɗaure a kafaɗa. Taron matattu na miƙa hannu suna roƙo, yana ɗaukar wasu yana korar wasu. Da aka tambayi dalili, amsar ita ce waɗanda ake kora su ne marasa kabari, kuma sai sun yi shekara ɗari suna gararamba a bakin gaɓa kafin a ɗauke su. Abin lura shi ne a wannan dogon bayani babu maganar kwabo ko kaɗan. Sharaɗin Birjil shi ne na Homar: jana'iza. In aka haɗa biyun sai ma'anar kwabon ta fito. Mamaci ba ya iya sa wa kansa kuɗi a baki. In an same shi da obol, to wani ne ya tsaya a kansa, ya wanke shi, ya ɗaure masa haɓa, ya shirya shi. Kwabon shaida ce cewa yana da mutane. Wani mawaƙin Rum, Jubinal, ya nuna haka daga ɗaya gefen: amalanken duwatsu ya kife kan wani mutum a titi ya niƙe shi, a gida ana can ana hura wuta ana shirya masa abinci ba a sani ba, shi kuwa yana zaune a bakin kogi ba shi da ko anini a baki.

Su kansu mutanen lokacin ba duka suka ɗauki abin da gaske ba. Marubuci Lusiyan, wanda ya rayu a ƙarni na 2 Miladiyya, ya yi wa al'adar ba'a iya son ransa. Ya ce ana cusa wa mamaci obol ba tare da an bincika kuɗin wace ƙasa ake karɓa a can ba, na Atina ne, ko na Makidoniya, ko na Ejina. Ya ƙara da cewa da masu gawa suna da wayo da ba su biya ba, sai mai fito ya ƙi ɗauka, mutuminsu ya dawo gida. A wani wurin ya haɗa Karon faɗa da wani matsiyacin masanin falsafa mai suna Menifus, wanda aka riga aka tsallakar da shi sannan ya ce ba shi da ko sisi. Karon na ihu a biya shi, Menifus na cewa ai ya taya kwarfar ruwa, ya ja filafili, kuma shi kaɗai ne bai yi kuka a hanya ba, in kuma abin bai yi ba a mayar da shi duniya. Mayarwa kuwa ita ce abu ɗaya da Karon ba shi da ikon yi. Masanin labarin ƙasa Istirabo kuma ya ruwaito cewa mutanen garin Hamiyoni ba sa sanya wa matattunsu kuɗin fito, wai don akwai gajeriyar hanya daga garinsu wadda ba ta bi ta ruwa.

Ƙasa ma ta ba da tata shaidar, kuma ta rage wa labarin ƙarfi. Da al'adar ta game kowa, da kusan kowane kabari an sami kwabo ɗaya a baki. Ba haka aka samu ba. A maƙabartun Olintus da ke arewacin Girka, kabari ɗaya cikin goma ne kacal, ko kusa da haka, yake da kuɗi. A wurare da dama kuma kuɗin ba ɗaya ba ne, ba kuma a baki yake ba: a hannu, a kan ƙirji, cikin tukunya, wani lokaci da yawa. An kuma sami kuɗi a kaburburan al'ummomin da ba su taɓa jin sunan Karon ba. Saboda haka masu bincike a yau suna taka-tsantsan. Kwabo ɗaya, mai ƙaramar daraja, a cikin baki, an sa shi lokacin mutuwa, shi ne za a iya kira kuɗin fito da ƙwarin gwiwa. Sauran na iya zama guzuri, ko laya, ko ɗan rabon mamaci daga dukiyarsa don kada ya waiwayo magada. Mai yiwuwa ma al'adar sa kuɗi ce ta zo da kanta, labarin mai fito ya zo ya ba ta dalili.

A Masar lamarin ya sha bamban, kuma ya girmi na Girka da kusan shekara dubu biyu. Can fito ba tatsuniya ba ce. Nilu ya raba ƙasar biyu, manyan maƙabartu da yawa suna yamma, mafaɗar rana, don haka gawa takan hau jirgi da gaske kafin ta kai makwancinta. A bangon dalar Fir'auna Unas da ke Sakkara, wajen shekara ta 2350 kafin Miladiyya, an sassaƙa addu'o'in da suke kiran mai fiton sama, wanda zai tsallakar da sarki wani ruwa mai lanƙwasa zuwa Filin Iwa, inda suke ganin can ne masu rabo suke zama. Ana kiransa Mahaf, mai duban bayansa, kamar yadda mai tura jirgi yake yawan waiwaye. A rubuce-rubucen da suka biyo baya yana da abokin aiki, Aken, mai tsaron jirgin, wanda kullum barci yake yi sai an tashe shi.

Misirawan wancan zamani ba su da kwabo sam, don haka ba a maganar biya. Jarrabawa ake yi. Mamaci ya iso gaɓa ya yi kira a kawo jirgi. Mai fito ya fara kawo uzuri: wane ne kai, daga ina, me za ka je yi, kuma ai jirgin ma a wargaje yake, babu kaza, babu kaza. Wannan uzuri yana da tushe a sana'ar, domin jiragen katako na Masar da igiya ake ɗinke su, ana iya kwance su a ajiye. Jirgin Fir'auna Kufu da aka gano a 1954 kusa da babbar dalar Giza a kwance aka same shi, gunduwa 1,224, da aka harhaɗa ya kai tsawon mita 43. To haka mamaci zai bi sassan jirgin ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunan kowanne na asiri, yana danganta shi da wani abin bautarsu. A babi na 99 na kundin da ake kira Littafin Matattu, sassan da kansu suke magana. Turken ɗaure jirgi ya ce faɗi sunana. Guduma ta ce faɗi sunana. Igiya, da filafili, da abin kwarfar ruwa, har iska da kogin da gaɓar, kowa sai an kira shi da sunansa. Akwai ma inda mai jirgin yake cewa in ya kai mutumin da bai iya ƙirga yatsunsa ba za a tuhume shi a can, sai mamaci ya rera wata 'yar waƙar ƙirga daga ɗaya zuwa goma.

Kuɗin fiton Masar ke nan: sani. Amma kada a yi saurin cewa ya fi na Girka adalci. Sanin nan rubuta shi ake yi a bangon kabari, ko cikin akwatin gawa, ko a takardar da ake binnewa da mutum, kuma magatakarda ba kyauta suke aiki ba. Da farko ma sarki kaɗai ke da shi, kuma shi ba roƙo yake yi ba, har barazana yake wa mai fito cewa in bai kawo jirgi ba zai haye fiffiken abin bautarsu Tot ya ƙetare. Obol ɗin Girka kowa na iya samu, amsoshin Mahaf kuwa sai gidan da ke da abin hannu. Sai dai akwai wani zare na biyu a tunanin Misirawa da ya sassauta wannan. Manyan mutane sukan sa a rubuta a kabarinsu cewa sun ba mai yunwa abinci, sun tufatar da marar tufa, sun tsallakar da marar jirgi. Mamaci a bakin ruwan can shi ne marar jirgi, yana neman a yi masa abin da yake iƙirarin ya yi wa wasu.

Game da kuɗi a hannun mai fito kuwa, Misirawa suna da labarin da ke nuna yadda suke kallonsa. An hana mai fito Nemti tsallakar da abar bautarsu Isis zuwa wani tsibiri inda ake shari'a. Ta rikiɗa ta zama tsohuwa, ta miƙa masa gurasa ya ƙi, ta miƙa zoben zinariya ya karɓa. Da asiri ya tonu aka yanke masa yatsun ƙafa, ya yi rantsuwa shi da zinariya har abada. Wannan ba fiton matattu ba ne, amma a nan abin da aka ba mai jirgi sunansa cin hanci. Shi ya sa maganar Diyodoras, marubucin Girka na ƙarni na 1 kafin Miladiyya, cewa daga Masar aka aro Karon har da sunansa, ba ta samu karɓuwa wurin masana na yanzu ba.

A tsohuwar Iraƙi, tsakanin Dijla da Furat, kogin matattu sunansa Hubur. Wani rubutun Assuriyawa na ƙarni na 7 kafin Miladiyya ya ba da labarin ɗan sarkin da ya yi mafarkin duniyar ƙasa, ya ga mai fitonta da kan tsuntsu, ana kiransa Humut-tabal, wato yi maza ka ɗauke. Ba a faɗi farashinsa ba. Kyaututtukan da ake binne manya da su na masu tsaron ƙofa ne da sarakunan can, kamar yadda waƙar mutuwar Sarki Ur-Namma ta lissafa. A kaburburan birnin Ur kuma an tono ƙananan jirage na kwalta, har da na azurfa.

Wanda aka fi sani a yankin shi ne Urshanabi na labarin Sarki Gilgamesh, ko da yake shi ba matattu yake ɗauka ba. Yana ƙetare Ruwan Mutuwa ne zuwa wurin Utnafishtim, mutumin da ya tsira daga ruwan tsufana aka ba shi dawwama. Gilgamesh cikin fushi ya farfasa wasu abubuwa na dutse da jirgin yake dogara da su, don haka abin da ya biya aikin ƙarfi ne: ya shiga daji ya saro dogayen sanduna masu yawan gaske. Kowace sanda tura ɗaya ake yi da ita a sake ta, don kada hannu ya taɓa ruwan. Da suka ƙare ya tuɓe rigarsa ya ɗaga ta ta kama iska. Wanda ya yi asara a ƙarshe mai jirgin ne, domin Utnafishtim ya kore shi daga mashigin saboda ya kawo mai rai inda bai kamata ba. Karon ma an ce ya sha ɗauri na shekara guda don ya ɗauki Hirakal, jarumin tatsuniyoyin Girkawa, da ransa.

Akwai labari ɗaya da ya juya lissafin gaba ɗaya. Furokofiyas, marubucin tarihi na Rumawan gabas a ƙarni na 6 Miladiyya, ya ruwaito abin da ya ji game da wasu ƙauyukan masunta a gaɓar tekun da ke fuskantar wani tsibiri da ya kira Biritiya. Ya ce da tsakar dare akan ƙwanƙwasa musu ƙofa, su fito su tarar da jiragen da ba nasu ba, babu kowa a ciki amma sun nutse har baki don nauyi. Su tuƙa, cikin sa'a guda su kai inda a jiragensu sai sun yi kwana da yini, su ji wata murya tana kiran sunayen fasinjoji, jirage su yi sakayau, su juyo gida. Matattun ba sa biyan komai. Ladan masuntan yana zuwa ne daga masu mulkinsu, Farankawa, waɗanda suka yafe musu haraji saboda wannan aiki.